Faktir da ta dawo mini sau uku

Shagona yana kusa da babbar kasuwar Tawa, ina sayar da kayan roba, tabarmi da sabulu. Shekaru da dama abokan cinikina ƴan kasuwar ƙauye ne, daga Bouza, Keita da Illela, waɗanda in sun ɗauki kaya sai mu rubuta a littafi, ranar kasuwa ta zagayo su kawo kuɗi. Da wata ƙungiyar agaji ta ba ni odar farko, na ɗauka cinikin ɗaya ne, sai dai wannan ya fi tsoka. Na kai kaya cikin kwana biyar. Kuɗina kuwa sai da suka yi kwana 71 kafin su shigo banki, kuma ba don ƙungiyar ba ta da kuɗi ba. Takardata ce ba ta dace da tasu ba.

Odar ita ce bokiti 400 mai lita 20 a kan tamma 1,500 kowane, wato jika da rabi a bakin ƴan kasuwa, da tabarma 400 a kan 3,500, da sabulu na tamma 900,000. Jimilla 2,900,000 kafin harajin `TVA`, wanda a Nijar kashi 19 cikin 100 ne. Mai sayayyarsu ya kira ni ta waya ya ce an zaɓi farashina, in fara haɗa kaya, bon da kwamand, wato takardar odarsu a rubuce, na tafe. Na haɗa, na kai magazinsu, aka sa mini hannu a takardar kai kaya, na dawo shago na fitar da faktir a ranar. Bon da kwamand ɗin bai zo hannuna ba sai bayan kwana uku, kuma na jefa shi cikin durowa ban ko karanta ba, don a ganina aikin ya riga ya ƙare.

Bayan mako biyu na je burosu in ji labari. Kontabul ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta zaro faktir ɗina daga ƙasan tarin takardu ta ajiye a gabana. Ta ce: "Alhaji, ina lambar bon da kwamand?" Na ce ai su suka rubuta shi, suna da ita. Ta juyo mini da allon kwamfutarta ta nuna wani gurbi fari, ta ce: "In ban sa lamba a nan ba, na'urar ba ta buɗe mini shafin biya. Kuma ba ni da ikon rubuta ta da biro a kan takardarka, don wanda ya zo bincike zai ce mu muka gyara takardar ɗan kasuwa."

A nan na fara gane abin da lambar take. Lokacin da aka fitar da bon da kwamand, an riga an ware kuɗin a cikin kasafinsu an ɗaure su ga wannan lamba. Faktir da ba ta ɗauke da ita kamar baƙo ne da ya zo gari bai san sunan maigidansa ba. Akwai kuma matsala ta biyu: ranar da ke kan faktir ɗina ta riga ranar bon da kwamand da kwana uku. A idon mai bincike, wannan yana nufin an sayi kaya kafin a ba da izinin saye, laifi ne da ke hawa kan ma'aikatansu. Shi ya sa yanzu, komai gaggawar da aka nuna mini ta waya, ba na fitar da ko bokiti ɗaya sai na ga takardar da sa hannu da kashe, wato hatimin ƙungiyar. Mai sayayya yana iya canza wurin aiki gobe, maganar da ya yi mini ta waya kuma ba ta cikin dosiye.

Gyaran ma ba abu ne mai sauƙi ba. Tun da hukumar haraji ta kawo faktir mai shaida ta tsarin `SECeF`, wadda ke fitowa da lambar sirri da ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake ɗauka da waya, in ta fita ta fita, hukuma ta riga ta gani. Ba a yaga ta a sake wata. Sai ka fitar da takardar sokewa, wadda na'ura ke kira `Facture d'avoir`, mai ɗauke da lambar tsohuwar, sannan ka fitar da sabuwa. Wanda ya sake faktir bai soke ta farko ba, a wurin haraji ya yi ciniki biyu ke nan, kuma za a tambaye shi harajin biyu. Na soke, na sake, na sa lambar, na mayar, ina cewa an gama.

Bayan kwana tara ta sake kirana. Wannan karon ta jera takardu uku a kan tebur, bon da kwamand a hagu, takardar karɓar kaya ta magazinye a tsakiya, faktir ɗina a dama, ta ɗora rula tana saukowa layi bayan layi. Bokiti: an yi odar 400, magazinye ya karɓi 388, ni na rubuta 400. Ranar da na kai kaya an ware goma sha biyu da suka tsage a mota, na gani da idona, na ce zan kawo madadinsu, sai na manta. Su kuwa ba su biyan abin da aka yi alkawari, abin da magazinye ya ƙirga ya sa wa hannu shi ake biya. Tamma 18,000 kacal suka tsayar da fiye da miliyan uku.

Sabulun ya fi ba ni haushi, don a nan ban ci kowa ko dala ba. A bon da kwamand an rubuta guda 3,000 a kan tamma 300. Ni kuwa, yadda muke sayarwa a kasuwa, na rubuta katon 100 a kan 9,000, tunda kowane katon guda 30 ne a ciki. Kuɗin ɗaya ne, 900,000. Na ce: "Hajiya, ki lissafa ki gani, ba bambanci." Ta ce: "Ni na gani, Alhaji. Amma wanda zai sa hannu a Yamai bai san katonka ba. Shi 3,000 yake nema, ya ga 100. Farashi 300 yake nema, ya ga 9,000." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Su sabulu guda-guda za su raba wa iyalai, kuma guda-guda za su ba da rahoto ga wanda ya ba su kuɗin. Tun daga ranar nake kwafe sunan kaya, ma'auni da farashin guda daga bon da kwamand harafi da harafi, a jerin da suka zo. In sun rubuta bokitin roba lita 20 mai murfi, ba na taƙaita shi zuwa bokiti.

Da a ranar na roƙe ta ta duba takardar har ƙasa, da na huta da dawowa ta uku. Ban roƙa ba, ita kuma da ta ga kuskure biyu ta tsaya nan. Da na gyara na mayar, sai faktir ta sake dawowa saboda wani abu dabam. A gefen dama na bon da kwamand akwai wani ɗan ginshiƙi mai lambobi da ban taɓa kula da shi ba. Gaban bokiti da sabulu an sa `B2104`, gaban tabarma an sa `B3310`. Lambobin kasafi ne. Kuɗin bokiti da sabulu daga aikin ruwa da tsabta suke, wanda wani mai ba da tallafi yake ɗaukar nauyi, kuɗin tabarma kuma daga wani aikin dabam na wani mai tallafin. Kowanensu yana aiko nasa masu bincike, kowa kuma yana son ya tarar da faktir ta asali a cikin nasa dosiye, ba hoton wadda rabinta na wani ne ba. Ba kowace ƙungiya ke raba haka ba, wasu suna karɓar faktir ɗaya in an sa lambar kasafi gaban kowane layi. Wannan dai ƙa'idarta faktir ɗaya ga lamba ɗaya, kuma an rubuta hakan da ƙananan haruffa a bayan bon da kwamand ɗin da na jefa durowa.

Na sake sokewa, na fitar da biyu. Ta farko bokiti 388 da sabulu guda 3,000, wato 1,482,000, da haraji 281,580, jimilla 1,763,580. Ta biyu tabarma 400, wato 1,400,000, da haraji 266,000, jimilla 1,666,000. A kan kowace, ƙarƙashin sunan ƙungiyar yadda yake a takardarsu, na sa layuka biyu, kowace da lambar kasafinta. Ga na ta farko:

```
Bon de commande N° BC-TA-0147
Code budget : B2104
```

Na haɗa kowace da hoton bon da kwamand, takardar karɓar kaya, shaidar cewa haraji ba ya bina bashi wadda wa'adinta bai wuce ba, da takardar lambar asusuna daga banki. Na kuma duba cewa sunan da ke kan asusun shi ne sunan da ke kan `NIF` da `RCCM` ɗina, wato takardar lambar haraji da ta rajistar kasuwanci, domin wani maƙwabcina da ya ba da asusu mai sunansa na kansa alhali faktir tana da sunan kamfani, sai da aka mayar masa da dosiyensa daga Yamai.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne lissafin kwanaki. An rubuta za a biya cikin kwana 30, ni kuma ina ƙirgawa daga ranar da na kai kaya. Ashe daga ranar da suka karɓi faktir marar kuskure ake farawa, kuma duk dawowa tana mayar da ƙirga farko. A tsakanin nan dilan da ya ba ni tabarmi bashi daga Ƙonni yana kira safe da yamma, harajin cinikin kuma ba ya jiran a biya ni, dole na bayyana shi na biya daga aljihuna. Sai da na karyar da farashin wasu kaya don in samu kuɗin hannu. Da kuɗin suka shigo kuma sai na ga sun yi ƙasa kaɗan, saboda an cire kashi 2 cikin 100 na harajin riba tun daga tushe. Wannan ba asara ba ce in ka karɓi takardar shaidar cirewar, don ana rage maka shi a lissafin harajin shekara, amma sai da na koma buro na nema da kaina aka ba ni.

Yanzu kafin in taɓa na'urar faktir, nakan rubuta daftari a takarda zalla in kai wa kontabul tare da bon da kwamand, in ce: "Hajiya, don Allah bi mini shi da rula har ƙasa." Minti goma take yi. In ta ce ya yi, sai in fitar da ta gaskiya, in kai kwafi biyu, a buga mini kashen karɓa mai kwanan wata a kan ɗaya in dawo da ita shago, daga wannan rana nake fara ƙirga talatin ɗina. Odar da ta biyo baya, ta buta 600, kwana 26 ta yi.