Yaron da yake ɓata wando, ashe ba gudawa ba ce

Ɗana yana da shekara 5 lokacin da ya fara dawowa daga makaranta da ɗan kashi mai ruwa a wandonsa. Ba shi da yawa, amma kusan kullum ne, ga wari mai ƙarfi. Duk wanda ya gani a gida cewa yake gudawa ce, har aka kawo shawarar a sayo filajin a kemis. Abin da ya hana ni yarda shi ne, in ya hau fo da kyar yake fitar da wani abu, kuma abin da zai fito ƙanana ne masu tauri kamar kashin awaki. Wani lokaci sai sati ya kusa zagayowa bai yi na kirki ba. Cinsa ya ragu, yana yawan cewa cikinsa na ciwo. Na kuma lura yana laɓewa bayan ƙofa ya miƙe ƙafafu ya matse su, fuska ta yi ja. Mai kallo zai ɗauka nishi yake, alhali riƙewa yake yi da iya ƙarfinsa.

Da muka je asibiti likita ta taɓa cikinsa, ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan cibiyarsa ta ɓangaren hagu. Na ji wani abu mai tauri a jere. Ta ce, “Hajiya, wannan duk bayan gida ne ya taru. Ruwan da kike gani a wando ta gefensa yake zagayowa.” Ta yi min bayani cewa in yaro ya yi kashi mai tauri sau ɗaya ya ji zafi, ko ya ɗan tsage a dubura, sai ya fara gudun abin. Yana riƙewa hanji yana ƙara tsotse ruwan da ke jikin kashin, yana ƙara tauri, na gaba ya fi na baya zafi. In aka daɗe a haka, ƙarshen hanjin yakan buɗe ya saki, har yaron ya daina jin alamar cewa kashi ya zo. Shi ya sa yake ɓata wando bai sani ba. Wannan maganar ta tsaya min a rai ƙwarai, domin yara da yawa suna shan duka a kan abin da ba sa ma jin fitowarsa.

A wajenmu banɗakin makaranta ne mafarin abin. Da na lallaɓa shi a hankali ya gaya min ramin yana da faɗi, wurin da duhu, ba kullum ake samun ruwa a buta ba, kuma ƙofar ba ta kulluwa, manyan yara suna turowa. Daga safe har a tashi yana matse da abinsa, kuma ya rage shan ruwa don kada fitsari ma ya kai shi can.

Abu na farko da na koya shi ne, in kashi ya riga ya taru haka, gwanda da ruwa kaɗai ba za su fitar da shi ba. Sai an fara da magani. Likitar ta rubuta mana makrogol, gari ne da ake narkarwa a ruwa, ta ce in ba a samu ba akwai laktulos mai kama da sirop. Aikinsu jawo ruwa cikin kashin ya yi laushi. A kwanakin farko ɓata wandon ma ƙaruwa ya yi, ta riga ta gargaɗe ni kada na tsorata na daina. Bayan cikin ya wanke aka rage adadin, aka ci gaba da ba shi kullum na tsawon watanni, domin hanjin da ya buɗe yana buƙatar lokaci kafin ya koma yadda yake. Hajiyarmu ta so a jiƙa masa filasko, wata maƙwabciya ta ce a tura masa guntun sabulu. Na ba su haƙuri. Filaskon da aka jiƙa a gida ba a san ƙarfinsa ba, yana murɗa ciki, sabulu kuma yana ƙona wurin da tuni yake da rauni, ya ƙara wa yaro tsoro.

Sai zama a kan fo. Hanji yana motsawa da kansa bayan an ci abinci, don haka kamar minti 20 bayan karin safe da kuma bayan abincin dare nake zaunar da shi na minti 5, ko yana jin kashi ko ba ya ji. Wannan ya sa muka matso da lokacin tashi daga barci, saboda a samu zaman kafin a fita makaranta. Masan gidanmu na zama ne, ƙafafunsa suna lilo, sai na sa masa ƙaramar kujera ya taka har gwiwoyinsa suka ɗan ɗara ƙugunsa. Masu masan tsuguno sun huta da wannan, in dai ramin bai tsorata yaron ba. Nakan ba shi balanbalan ya hura, saboda hurawar tana sa ya tura da cikinsa ba tare da ya ankara ba. In ya zauna ina yaba masa ko bai yi komai ba. In ya ɓata wando a wanke a canza, ba faɗa, kuma na hana yayyensa tsokanarsa. Na je na sami malamarsa, ta yarda ya riƙa shiga banɗakin ƙananan aji duk lokacin da ya nema, na kuma sa masa wando na biyu a jaka.

Abinci ban juya shi rana ɗaya ba, don na san yaro zai ƙi. Da ma abin da ya fi so shayi mai madara da farin burodi da safe, biskit a makaranta, taliya in ya dawo. Ban hana ko ɗaya ba, rage su na yi. Burodin safe na riƙa musanya shi da alala ko ƙosai da kunun gero wanda ba a tace shi sosai ba, saboda dusar ita ce ke riƙe ruwa a cikin kashi. Taliya na zuba mata kabeji da karas, shinkafa ta koma shinkafa da wake. Da dare tuwon dawa da miyar kuɓewa ko kuka, wani lokaci ɗan kwaɗon zogale. Gwanda ta fi komai karɓarsa. Lemu kuwa na daina matse masa ruwan, ina ɓare masa ya ci da totuwarsa, haka mangwaro da kankana in lokacinsu ne. Wake da na ƙara da sauri ya kumbura masa ciki, sai na ja baya na riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Madara ma na rage, domin yaron da ya cika ciki da ita ba ya neman sauran abinci.

Ruwa shi ne abin da ya fi ba ni aiki. Yaro mai shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar kusan lita 1.2 a rana, wato ledar fiya wata biyu da rabi, kuma a zafin Maris da Afrilu ya fi haka. Na sayo masa gora, nake duba abin da ya rage in ya dawo. Launin fitsarinsa ma yana gaya min: in ya yi ja-ja, ruwa bai ishe shi ba.

Mun fara janye maganin ne a hankali, da izinin likita, bayan ya daɗe yana yin kashi mai laushi kusan kullum ba kuka, wando kuma a bushe. Ta ce in abin ya dawo lokacin komawa makaranta bayan hutu ko bayan zazzaɓi a koma kan maganin da wuri, kada a jira ya taru. Ta kuma ja kunnena cewa in yaro yana amai kore, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko jini yana fita da yawa, ko yana ramewa, ko ƙafafunsa sun yi rauni, ba zancen abinci ba ne, asibiti za a kai shi a ranar. Haka jaririn da bai yi kashin farko ba cikin awa 48 da haihuwa, ko wanda taurin ya fara masa tun makonnin farko, shi ma sai an bincika hanjinsa.