Yadda na zaɓi bakana na farko, da kuskuren da na fara yi

Lokacin da na yanke shawarar koyon harbin baka na wasa, irin wanda ake saita kibiya a kan allo mai zagaye-zagayen launi, ina da shekara fiye da talatin, kuma na ɗauka ƙarfin damtse ne kaɗai abin dubawa. Na yi odar baka mai lanƙwasassun kawuna irin na gasar Olamfik, wanda a shafin masu sayarwa ake rubuta shi `recurve`, na zaɓi mai nauyin ja laba 36. Lissafina shi ne laba 36 kilo 16 ne da 'yan kai, ni kuwa ina ɗaga jarkar ruwa mai lita 25 ba tare da wahala ba.

A ranar farko, kafin in kai kibiya ta goma sha biyar, yatsuna uku sun yi tsami, kafaɗar hagu ta haye har kusa da kunnena, hannu yana rawa, ina sakin tsirkiya tun ba ta iso haɓata ba. Sau biyu tsirkiyar ta tsula mini a hannu har wurin ya yi tsanwa. Ɗaga jarka na ɗan lokaci ne kuma dukkan jiki ke yinsa, amma jan baka aikin tsokokin da ke tsakanin allunan kafaɗa ne, waɗanda ba kasafai muke wahalar da su ba, kuma dole a riƙe nauyin cak ana saiti, a maimaita sau sittin ko fiye a zama guda.

Mai koyar da mu, wani dattijo mai haƙuri, bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Malam, kafin mu yi maganar nauyi, bari mu san tsawon janka." Ya sa na jingina da bango na ware hannuwa, ya auna gabata daga kan ɗan yatsa zuwa kan ɗan yatsa, ta ba da inci 73. Ya raba da 2.5, aka sami inci 29 da ɗoriya. Ya gargaɗe ni cewa wannan ƙiyasi ne kawai, sai ya miƙo mini baka mara nauyi da doguwar kibiya mai alamun inci a jikinta. Da na tsaya daidai, na sauke kafaɗa, na kawo tsirkiya ta taɓa hancina da haɓata, sai awon ya kai inci 30.

A nan ne na gane abin da ya same ni. Lambar da ake rubutawa a jikin reshen baka, wato ɓangaren sama ko na ƙasa da ke lanƙwasa idan an ja tsirkiya, nauyin bakan ne idan an ja shi inci 28, kuma duk incin da aka ƙara yana ƙara kimanin laba 2. Ashe abin da ke kan yatsuna laba 40 ne, wato na shiga sahun nauyin da 'yan gasa masu harbi daga mita 70 suke ja bayan shekaru suna atisaye. Mai gajeren hannu da ke ja inci 26 kuwa, wannan bakan zai zo masa kimanin laba 32 ne.

Tsawon jan ne kuma ya yanke tsawon bakan. Nawa na farko inci 66 ne, ya yi mini gajarta, shi ya sa tsirkiya take matse yatsuna, nauyin kuma yake yin tsalle a incin ƙarshe kamar an ci karo da bango. Da mariƙi mai inci 25, wato tsakiyar bakan da hannu ke riƙewa, gajerun rassa suna ba da baka mai inci 66, matsakaita 68, dogaye 70, kuma mai ja inci 30 dogayen ne nasa. Abin da ya cece ni daga babbar asara shi ne mariƙina mai mahaɗin `ILF` ne, wanda rassa ke cirewa a sa wasu, don haka ban sake sayen mariƙi ba, rassa na saya, dogaye masu laba 20, waɗanda suke zuwa kusan 24 a hannuna. A ganina, babban mutum mai farawa bai kamata ya wuce laba 18 zuwa 24 ba, ko da maƙeri ne.

Kibiyoyin ma sai da aka canza su, domin mai koyo yana bukatar kibiyar da ta ɗara tsawon jansa da inci ɗaya ko biyu. Gajeriya tana iya zamewa daga mazauninta ta soki hannun da ke riƙe da baka, kuma jan sabon shiga yakan ƙaru yayin da tsayuwarsa ke gyaruwa.

Gwajin da malamina ya ba ni shi nake bi har yau: in ja har haɓa, in ƙirga goma ba rawa, in mayar da tsirkiya a hankali, domin sakin ta ba kibiya yana iya tsaga reshe. Bayan watanni shida ina harbi daga mita 18, kibiyoyina suka fara taruwa wuri guda, sannan ya yarda na ƙara laba 4. Rassan nan masu laba 36 suna nan a cikin jakarsu, ban kai gare su ba tukuna.