Shekara da albashi: yadda muke tace masu neman bashi

Kamfaninmu ƙarami ne, mu biyar ne a ofis ɗaya a Kano, kuma yawancin aikinmu rubuta manhaja ne ga ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da ƙananan bankunan ba da rance. Cikin duk abin da muke musu, ɓangaren da ya fi ƙanƙanta a ido shi ne wanda ke duba shekarun mai nema da kuɗin shigarsa, ya gwada su da ƙa'idar ƙungiya, ya fitar da hukunci. Layukansa ba su kai hamsin ba. Amma shi ne nake zama in duba da kaina kafin mu miƙa aiki, domin nan ne ake hana mutum kuɗin da yake da haƙƙin samu, ko a ɗora masa nauyin da zai karya shi.

Duk sabon yaron da ya zo mana, in na ba shi wannan aiki, abin da yake fara kawowa ɗaya ne: in shekaru sun kai 18 kuma albashi ya kai kaza, manhaja ta ce `true`, in ba haka ba ta ce `false`. Ba na karɓa. Jami'in bashi da ke zaune gaban mutum ba zai iya ce masa "na'ura ta ƙi" ya yi shiru ba. Dole a tambaye shi dalili, kuma in ba shi da amsa, mutumin zai tafi da zargin cewa an yi masa son kai ne.

Bari in ɗauki misali irin wanda muke gwada aikinmu da shi. Ma'aikaciyar gwamnati ce, an haife ta ranar 14 ga Maris 1968, ta cika takarda ranar 10 ga Fabrairu 2026. Tana son ƙungiya ta saya mata kaya ta hanyar murabaha, jimillar kuɗin da ribar ƙungiya naira 1,080,000, ta biya cikin wata 36, wato naira 30,000 duk wata. Albashinta bayan an cire haraji da fansho naira 141,000 ne, kuma akwai wani tsohon bashi da ake cire mata naira 20,000 a wata. Ƙa'idar ƙungiyar uku ce: mai nema ya cika 18, ya gama biya kafin ya cika 60, sannan duk abin da ake cirewa na bashi kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi.

Shekarunta nawa? Mai gaggawa zai ɗebe 1968 daga 2026 ya ce 58. Ba haka ba ne, 57 take, domin Maris bai zo ba. A wurinta bambancin shekara ɗaya ba zai sauya hukunci ba, amma yaron da aka haifa a Disambar 2008, wannan lissafin zai ba shi 18 a Fabrairun 2026 alhali 17 yake, a sa shi ya sa hannu kan yarjejeniyar bashi bai kai ba. Shi ya sa ba ma yarda a rubuta shekaru a takarda, ranar haihuwa muke karɓa, mu yi lissafin da kanmu:

```js
function ageOn(dob, d) {
  let age = d.year - dob.year;
  if (d.month < dob.month ||
     (d.month === dob.month && d.day < dob.day)) age--;
  return age;
}
```

Ku lura, ranar da ake lissafi a kanta mu muke ba shi, ba agogon kwamfuta yake dubawa ba. Dalili biyu ne. Na farko, in mai binciken asusu ya zo bayan shekara biyu ya ce a sake gwada wannan takarda, dole amsa ta fito yadda ta fito ranar farko. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, shekarun da suka dami ƙungiya ba na yau kaɗai ba ne, har da na ranar biyan ƙarshe. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya ne in ya cika shekara 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa, ban da rukunin da doka ta ƙara musu wa'adi kamar malaman makaranta. Matar nan za ta cika 60 ranar 14 ga Maris 2028, biyan ƙarshe kuwa sai Fabrairun 2029. Kusan wata goma sha ɗaya ke nan da za a je cirewa daga albashin da ya riga ya tsaya, a daidai lokacin da mutum ke zaman jiran kuɗin sallama. Saboda haka muna kiran `ageOn` sau biyu, kuma inda ƙungiya ke da ranar kama aiki, muna duba shekara 35 ɗin ma.

Ranar haihuwa kanta tana da nata rikici a wajenmu. Mutane da yawa ba su da takardar haihuwa ta asibiti, takardar rantsuwar shekaru gare su, sai ka ga abin da ke kan BVN daban, na NIN daban, na fayil ɗin ofis daban. Manhaja ba ta da hurumin zaɓar wanda ta ga dama a ciki. Ƙungiya ce za ta faɗa a rubuce wace takarda ake bi, in kuma suka saɓa, mutum ne zai duba.

Kuɗin shiga ya fi shekaru wahala, domin kowa da abin da yake nufi da "albashi". Wani zai rubuta na kan takardar ɗaukar aiki, wani abin da ya faɗo masa a asusu, wani ma na shekara gaba ɗaya. Kafin mu rubuta layi ko ɗaya, sai na zauna da sakataren ƙungiya da ma'aji mun daidaita ma'ana: na wata ne, bayan haraji da fansho, kafin a cire bashi. Ɗan kasuwa kuwa da ba shi da albashi, yawanci matsakaicin abin da ya shiga asusunsa cikin wata shida ake ɗauka, kuma ni ban taɓa gamsuwa da wannan ga mai sayar da hatsi ko taki ba, wanda cinikinsa na kaka da na bazara ba su haɗa hanya ba. Irin waɗannan nakan ba da shawara a ɗauki shekara cikakkiya.

A misalinmu, kashi ɗaya cikin uku na 141,000 shi ne 47,000. Wannan ma'auni ba ƙungiyoyi ne suka ƙago shi ba, dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da sulusin albashinsa a wata guda. Tsohon bashi 20,000 da sabo 30,000 sun zama 50,000, an wuce da naira 3,000. Albashin nata ba kaɗan ba ne, har ya ninka mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wanda ya tsaya kan tambayar "albashinta ya kai?" kaɗai zai wuce da ita.

Akwai wani tarko da nake nuna wa kowane ma'aikacina a makonsa na farko, domin ba ya yin ƙara, ba ya nuna alamar kuskure. Abin da aka rubuta a akwatin fom yana isowa ne a matsayin rubutu, ba lamba ba. In jami'i ya sa waƙafi a tsakiyar kuɗi, ga abin da JavaScript ke yi:

```js
Number("141,000")    // NaN
NaN < 70000          // false
Number("")           // 0
"90000" > "100000"   // true
```

Layi na biyu shi ne mai haɗari. In ƙa'idarka ta ce "in albashi bai kai 70,000 ba a ƙi", to abin da ba lamba ba ma ba zai faɗa cikin ƙin ba, zai wuce a amince masa. Layi na uku kishiyarsa ne: an manta ba a cike akwatin ba, manhaja ta ɗauka mutum ba shi da ko sisi, ta kore shi. Hanyar gane wannan ciwo a manhajar da ke aiki ita ce a jawo jerin waɗanda aka ƙi saboda ƙarancin albashi, a ƙirga masu sifili. In sun yi yawa a ƙungiyar da kowa ma'aikaci ne, matsalar daga fom take. Mu dai muna tace bayanai tukuna kafin a taɓa kowace ƙa'ida, kuma muna ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba, saboda lissafin ɗigo a kwamfuta yana barin ɗan ragowa da zai iya tura wanda ke daidai kan iyaka zuwa ɗaya gefen.

Daga nan ne na tsaya kan cewa hukunci uku ne, ba biyu ba: an amince, an ƙi, ko a miƙa wa jami'i. Bayanin da ya ɓace ko ya saɓa, na ukun yake tafiya. Ga abin da manhajar ke mayarwa a kan matar nan:

```json
{
  "status": "declined",
  "reasons": ["AGE_AT_END", "DEDUCTION_LIMIT"],
  "ageNow": 57,
  "ageAtEnd": 60,
  "limitKobo": 4700000,
  "totalKobo": 5000000,
  "maxMonths": 25,
  "rulesVersion": "2026-01"
}
```

Dalilan biyu ne, kuma da gangan muke fitar da su tare. Da manhaja za ta tsaya a na farko, jami'i zai ce mata ta rage wa'adi, ta koma gida ta sake cike takarda da wata 24, sai biyan wata ya haura zuwa 45,000, a sake ƙin ta da dalilin da tun farko yana nan ba a faɗa mata ba. Wannan wulaƙanci ne, ko da ba wanda ya yi niyyarsa. Da lambobin nan a gabansa kuwa, jami'i zai iya ce mata: "Hajiya, abin da ya rage miki a wata 27,000 ne, kuma wata 25 gare ki kafin ritaya. In kayan da ribarsu ba su wuce 675,000 ba, za a iya." Ta san inda ta tsaya, ta zaɓa ko ta rage kaya ko ta fara kashe tsohon bashin.

Dalilan muna rubuta su da gajerun sunaye marasa sauyawa, sannan allon jami'i ya juya su zuwa Hausa ko Turanci. `rulesVersion` kuma saboda kwamitin ƙungiya kan sauya iyaka a taron shekara, dole a san da wace ƙa'ida aka yanke kowane hukunci. Iyakokin kansu ba a cikin manhajar muke binne su ba, suna cikin teburi daban da ranar da suka fara aiki, yadda ma'aji ba sai ya kira mu ba duk lokacin da aka ƙara albashi. Ba ma sa suna ko BVN a cikin wannan amsa, lambar takarda ta isa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ba mutum damar ƙin a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai, ya nemi ɗan Adam ya duba, to jami'in da zai duba yana buƙatar ya ga lambobin da aka yi aiki da su.

Kafin mu miƙa aiki, gwajinmu kan iyaka yake ƙarewa. Wanda ya cika 18 yau, da wanda zai cika gobe. Wanda cirewarsa ta zo daidai 47,000, da wanda ya ɗara da kwabo ɗaya. Wanda aka haifa 29 ga Fabrairu, wanda lissafinmu ke ƙara masa shekara ranar 1 ga Maris a shekarar da ba ta da wannan rana. A kowanne, ina kai wa sakataren ƙungiya takarda ya rubuta amsar da kwamitinsu ke so da hannunsa ya sa hannu, domin sau da yawa kundin ƙa'idarsu cewa kawai yake "kada ya wuce shekara 60", bai fayyace ko ranar cikar tana ciki ba. In kwamiti bai yanke ba, muna jira har su zauna.