Sansa tana haske, kati ya yi gum

Kiran ya same ni bayan la'asar. Wata masana'antar ruwan gora ce a Sharaɗa, a Kano, injin cika kwalabensu ya tsaya cik. Tsohuwar PLC ɗin, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda ta zo da shi daga Asiya, ta ƙone a lokacin sauya wuta daga layi zuwa janareta, kuma ba a samu irinta a kasuwa ba. Ina da wata PLC, S7-1200 ta Siemens, samfurin `CPU 1214C`, a ajiye a shago. Na ce wa mai kamfanin, "Alhaji, a ba ni kwana biyu." Kwana huɗu na yi, kuma ƙarin biyun waya ɗaya ce ta ci su.

Sansar kusanci mai waya uku launukanta ba sa canzawa: ruwan ƙasa zuwa +24V, shuɗiya zuwa 0V, baƙa ita ce mai kai labari ga kati, wato ɓangaren PLC da ke karɓar labarin sansoshi. Abin da ya raba nau'o'inta biyu, PNP da NPN, shi ne yadda baƙar take yi idan sansa ta ga ƙarfe. Ta PNP tana haɗa baƙa da +24V, wato ita ke ba da wuta. Ta NPN tana haɗa baƙa da 0V, wato jira take a turo mata wuta ta zuƙe. Shi kuma mashigin kati, a cikinsa 'yar fitila ce ta ofto, wadda ba za ta kama ba sai wuta ta ratsa ta daga wani gefe zuwa wani. Gefe ɗaya shi ne inda baƙar waya ke shiga, ɗayan shi ne kwaman, wato taminar da mashigai ke tarayya a kanta. Idan kwaman na kan 0V, kati mai zuƙa ne, sai a aura masa PNP mai bayarwa. Idan kwaman na kan +24V, kati ne mai bayarwa, abokiyar zamansa NPN. Masu zuƙa biyu idan suka haɗu, kowa hannu ya miƙa yana jiran ɗan'uwansa.

Duk wannan na san shi tun ina yaron shago. Amma sabo turken wawa. Shekaruna a kan injinan Turai nake, inda kusan komai PNP ne, don haka hannuna da kansa ya kai taminar kwaman, `1M`, kan 0V. Maɓallan kunnawa da kashewa ma na cire kwamansu daga 0V inda na tarar da shi, na mayar +24V, har ina cewa a raina wanda ya haɗa injin nan ya yi aiki a juye. Ban tsaya na karanta jikin ko sansa ɗaya ba.

Da muka ba da wuta, maɓallai suka amsa lafiya lau. Sansoshi takwas kuwa, ko ɗaya. Yarona ya kai sukudireba gaban ta farko, jar fitilar bayanta ta kama, amma fitilar `I0.2` a jikin PLC ko gezau. Ya ce, "Oga, ai sansar na aiki, katin ne." Na kusa yarda da shi. Fitilar bayan sansa ba shaida ba ce: daga ruwan ƙasa da shuɗiya take cin wutarta, za ta yi haske ko da baƙar wayar na lilo a iska.

Sai na ɗauko mita, ita kuma ta ƙara rikita ni. Na kwance baƙar waya daga tamina na auna ta da 0V, na ga 24V alhali babu komai gaban sansar. Na kai ƙarfe, ta faɗi sifili. Na ce to, PNP ce irin mai zama a rufe, sai dai a juya lissafi a manhaja. Na mayar da wayar kan tamina na sake aunawa, sai ga wajen 9V. Nan na zauna a kan bokitin fenti na yi shiru.

Ga abin da ke faruwa. Da yawa daga cikin sansoshin NPN masu araha suna da rizista a ciki, kimanin 10k, tsakanin baƙa da ruwan ƙasa. Mita ba ta jan wutar kirki, saboda haka ta cikin rizistar nan take ganin 24V cif. Kati kuwa yana ci. Mashigin S7-1200 na jan kusan 4mA a 24V, wato kamar nauyin 6k ke nan. A raba 24V tsakanin 10k da 6k, rabon kati bai wuce 9V ba. A takardarsa, ba ya ƙirga "ɗaya" sai an kai 15V, kuma bai tabbatar da "sifili" ba sai a 5V ko ƙasa. Tara tana tsakiya, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko. Na goge maiƙon jikin sansar da tsumma, ga rubutu ɓaro-ɓaro: `LJ12A3-4-Z/BX`. A wannan jerin, `BX` NPN ce, `BY` ita ce PNP. Harafi ɗaya. Tun daga ranar, idan ina shakkar sansa, ina gwada ta da nauyi a kanta, ɗan rile ko fitilar 24V, sau ɗaya tsakanin baƙa da shuɗiya, sau ɗaya tsakanin baƙa da ruwan ƙasa. Inda ta kunna nauyin, nan gaskiyarta take.

Gyaran bai ɗauki minti ashirin ba, domin mashigan wannan PLC ɗin suna karɓar wuta ta kowace fuska. Na ɗauke `1M` na kai +24V, na mayar da kwaman ɗin maɓallai 0V inda mai injin ya sa shi tun farko, da 'yar kunyata. Takwas ɗin suka amsa.

Sai wata ta ɓullo. Alhaji ya roƙi a ƙara idon lantarki biyu a kan bel, ɗaya ya ga kwalba ta iso, ɗaya ya ga layi ya cunkushe, kuma na riga na sayo su PNP. Mashigai 14 na `CPU 1214C` duk kwaman ɗaya suke rabawa. Ba a zaɓar zuƙa ko bayarwa mashigi-mashigi, rukuni-rukuni ake yi, kuma a nan rukunin ɗaya ne tal.

Akwai dabarar rizista da wasu ke yi idan NPN ta faɗo a kati mai zuƙa: a sa 2.2k daga +24V zuwa mashigin, kati ya samu wajen 17V idan sansa ba ta ga komai ba, ta ja shi ƙasa idan ta gani. Tana aiki, amma lissafi ya juye, rizistar na cin kwatan wat don haka sai mai rabin wat, kuma wanda zai zo bayanka da tsakar dare zai yi ta tsine maka. Ban bi wannan ba. Idon cunkoso ba ya sauri, na sa masa rile a tsakani: PNP ta ja kwayil, bakin rile ya kai 0V ga kati. Idon kwalba kuwa yana motsi dubban sau a yini, rile ba zai yi ƙarko ba, sai na koma kasuwa na canzo NPN.

A nan ne wajen sayen kaya na tuna wani tarko na suna. A littattafan Mitsubishi na jerin FX, idan ka haɗa kwamansu, `S/S`, da 24V don NPN, `sink input` suke kiransa, domin daga ɓangaren sansa suke kallo. Siemens da Allen-Bradley daga ɓangaren kati suke kallo, wannan haɗin a wurinsu `sourcing` ne. Kalma ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna. Shi ya sa na daina tambayar mai kanti sunan katin. Zanen haɗi nake buɗewa in ga ina kwaman ya tafi.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce duk ɗaya ne, kowa ya bi abin da ya tarar. Bayan mako uku aka sake kira: bawul ɗin cikawa na buɗewa babu kwalba a ƙasa, ruwa na malala a daɓe. Ba kullum ba, sai bel ya yi girgiza. Mai aikin injin, wani dattijo, ya ce da ni, "Injiniya, ni dai na lura in na dafa ƙarfen nan sai ya daina." Na bi ƙarfen da ya nuna. Kebul ɗin sansar da ke ƙarƙashin bakin cikawa ya ratsa ta wani rami mara roba, gefen ƙarfen ya ci bawon har tagullar baƙar waya ta leƙo, tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba.

A fanel ɗin, kamar mafi yawan fanel, 0V a haɗe yake da jikin inji. To me NPN ke yi idan ta ga kwalba? Haɗa baƙa da 0V. Me gefen ƙarfen nan ya yi? Haɗa baƙa da 0V. Kati ba shi da hanyar bambance su, ya ce kwalba ta zo, manhaja ta buɗe bawul. Da PNP ce a kan kati mai zuƙa, taɓa jikin inji zai riƙe mashigin a sifili ne, idan sansa ta yi yunƙurin ba da wuta kariyar cikinta ta yanke ko fis ya tafi, inji ya tsaya yana jiran kwalba. Tsayawa abin haushi ce, amma ba ta jiƙa daɓe. Kuma nan ruwa ne kawai. Na kalli maɓallin kunna bel, wanda shi ma da 0V yake magana, na tuna hannaye nawa ke shiga tsakanin kwalaben nan a yini. Ƙa'idar IEC 60204-1 ta lantarkin injina wannan take gudu, kada taɓa ƙasa a wayar sarrafawa ya tayar da inji da kansa. Ita ma PNP tana iya yin ƙarya idan baƙa ta haɗu da +24V, sai dai +24V a cikin bawon waya yake ɓoye, jikin inji kuwa ko'ina ka juya yana nan.

Ba na cewa NPN mugun abu ce. Injina masu ɗimbin yawa daga Japan da maƙwabtanta da ita suke aiki shekara da shekaru, kuma idan inji ya zo gaba ɗayansa NPN, wayoyinsa a killace, ba na taɓa shi don son raina. Amma wuri mai danshi, da girgiza, da bawul ko mota da ke tashi da siginar sansa, kuma 0V a jikin inji, kati mai zuƙa da PNP nake zaɓa.

Alhaji bai yarda a canza duka a lokaci guda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Muka raba: na ƙara katin `SM 1221` mai mashigai 8, wanda ke da kwaman biyu, `1M` da `2M`, huɗu-huɗu. Na kai su duka 0V. Maɓallin kunnawa, da sansar bawul, da idanu biyun suka koma can a kan PNP, rile ɗin nan ya fita. Sauran NPN ɗin da ba sa tayar da komai, sai dai su ba da labarin matsayi, na bar su a jikin PLC da kwamansu a +24V, da sharaɗin duk wadda ta mutu a maye ta da PNP a matsar da wayarta. Na sa roba a ramin, na buga takarda na manna a cikin ƙofar fanel: layin sama NPN, layin ƙasa PNP, da launin taminar kowanne. Zuwana na ƙarshe na tarar uku sun riga sun sauko layin ƙasa, kuma dattijon nan ya ƙara `BY` da biro a gefen takardar.