Ashe alkama ce ke cinye mata hanji

Ƙanwata ta daɗe tana fama da zawo da kumburin ciki da ƙarancin jini, ana ta ba ta maganin ƙarin jini amma shiru, ashe cutar siliyak ce. Likita ya ce akwai wani sinadari a alkama da sha'ir, sunansa gulutin, in ta ci sai garkuwar jikinta ta far wa ƙaramin hanji, 'yan ƙananan tsiron nan na cikinsa masu tsotse amfanin abinci su lallace su kwanta, shi ya sa ko ta ci ba ya kama jikinta.

Gwajin jini aka fara yi, tTG-IgA, mai neman alamar cutar, har da auna yawan IgA ɗin kansa, wato wani sinadarin garkuwar jiki, don wasu nasu kaɗan ne, sai sakamako ya yi ƙarya. Da sakamakon tTG-IgA ɗin ya hau sai aka zura kyamara ta baki aka ɗan tsinko naman farkon hanji aka duba, nan aka tabbatar.

Abin da ya ban mamaki wallahi, cewa aka yi kar ta daina cin burodi kafin gwaji, in ta daina hanjin zai fara warkewa a kasa ganin komai. Yanzu dai ba taliya ba alkaki ba fanke, sai tuwon shinkafa, masara, gero da dawa.