Mako na tara: tudu da kwari a jadawalin Bitcoin

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon ban buɗe ciniki ko ɗaya ba. Na koma jadawalin Bitcoin na 2024, na kyandir ɗin kullum, ina sa alama a kan kowane tudu da kwari.

Tudu a wurina shi ne kyandir ɗin da samansa ya ɗara na biyun da ke hagunsa da biyun da ke damansa. Kwari kuma akasin haka. Sai kyandir biyun dama sun rufe kafin in sa alama, don haka kullum a makare take zuwa. Na haƙura da wannan, domin gaggawar sa alama ce ta cinye mini asusun gwaji a watan jiya. Ƙananan tuddai sun yi yawa, sai na bar manyan kawai.

Ga abin da ya ruɗe ni. A Maris farashi ya taɓa wajen dala 73,700, a Yuni ya tsaya kusa da 72,000, ƙarshen Yuli kuma 70,000. Kwaruruka su ma suna sauka: wajen 56,500 a farkon Mayu, 53,500 a Yuli, 49,000 ranar 5 ga Agusta. Bisa ƙa'idar da muka haddace, tudu na ƙasa da tudu, kwari na ƙasa da kwari, ai kasuwa gangarowa take. Da haka na rubuta a littafina.

Da na sake dubawa sai na goge. Daga Maris zuwa Yuli tuddan ba su sauka da ko dala 4,000 ba, alhali tsakanin tudu da kwari akwai fiye da 15,000. Duk faɗuwar da aka yi, tashin da ya biyo baya ya kusan haɗiye ta. Wanda ya sayar don an karya kwarin Mayu, cikin makonni kaɗan ya ga farashi ya koma 70,000. Wannan kai-komo ne mai ɗan karkata, irin na akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya.

Yanzu tambayar da nake yi ita ce: bayan an karya kwari, ina tashin ya tsaya? In ya tsaya a bakin tsohon kwarin ya juya, tafiya ce ta gaske. In ya kutsa har kusa da tsohon tudu, ana nan dai.

Canjin ya fara a Satumba, da kwari ya tsaya wajen 52,500, sama da na Agusta. Na Oktoba ya tsaya kusa da 59,000. Duk da haka muna cikin keji har 6 ga Nuwamba, ranar da kyandir ya rufe sama da tudun Maris, kuma ja da bayan da aka yi a watan bai dawo ciki ba.

Mako mai zuwa zan gwada wannan awon a kyandir ɗin awa huɗu, inda nake zargin tuddan ƙarya sun fi yawa.