Bashin da fanka ta bi ƙwayayen Inna

Ƙwai talatin Inna ta ba ni, bakwai suka ƙyanƙyashe. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina, don ba kayan ne suka gaza ba, layi biyu ne na ƙi rubutawa a cikin firogiram.

Akwatin ƙyanƙyasar da na haɗa ba wani abin a zo a gani ba ne. Irin farin kwandon soson nan ne da ake zuba ƙanƙara, na sa masa ƙwan fitilar mota mai wat 21 wanda ke kunne kullum, da fankar kwamfuta mai bolt 12 a jikin bango tana jawo iskar waje. Arduino Uno ke tuƙa fankar ta hanyar MOSFET IRLZ44N, ma'aunin zafi kuwa DS18B20 ne, na rataye shi daidai tsayin ƙwayayen. Abin da nake nema digiri 37.5 har kwana 21. Fitila na dumamawa, fanka na rage abin da ya yi yawa, shi ke nan dabarar.

Saitin na yi shi cikin Janairu, da dare, lokacin da sanyin Tahoua ke sa mutum neman bargo. Tsarin PID ne ke lissafa ƙarfin fankar, da lambobi uku ake saita shi: Kp, Ki da Kd. Na bar Ki da Kd a sifili, na dinga ƙara Kp. Da na kai wajen 90 sai zafin ya shiga lilo, ya hau ya sauka, kowane zagaye kamar minti uku, fankar na kuka tana yin shiru. Na bi ƙa'idar Ziegler da Nichols, na ɗauki kashi 45 cikin ɗari na wannan adadi, Kp ya zama 40. Lissafin ya ba ni Ki wajen 0.27, na rage shi zuwa 0.2 don ba sauri nake ba. Kd kuwa na gwada na watsar. Ma'aunin yana tafiya ne taki-taki, 0.0625 kowane taki, kuma duk takin da ya yi sai fankar ta zabura kamar an tsikare ta. Wani abin da ya ci mini dare guda shi ne fankar ba ta motsi in lambar PWM ba ta kai wajen 70 cikin 255 ba, sai dai ta yi ta gurnani a tsaye. Na gyara wannan, akwati ya zauna tsakanin 37.3 da 37.7 har gari ya waye. Na ɗauki hoton allon na tura wa abokai, ina ta fankama.

Ƙarshen Fabrairu aka sa ƙwan. Makon farko lafiya lau. Shigar Maris rana ta fara nuna halinta, kuma akwatin yana cikin shagona mai rufin kwano.

Wata ranar bayan isha'i na dawo na tarar da fanka na gudu iya ƙarfinta, allo kuwa na nuna 33. Akwati ya yi sanyi, ita kuma tana ƙara hura masa iska. Na zargi waya, na zargi MOSFET ɗin har na canza shi. Na kashe na kunna, komai ya dawo daidai, sai na ce ai matsalar ta wuce. Wannan kashewa da kunnawar ita ta rufe mini ido kwana huɗu, domin duk lokacin da na yi haka ina share shaidar da hannuna.

Sai ranar da na zauna tun azahar na sa `Serial.println(tara)` ina kallon lambar da ɓangaren I na PID ke tarawa. Bayan la'asar lambar ta haura 5,700. Fankar da iyakarta 255!

Ga abin da ke faruwa. Fanka ba firiji ba ce, ba ta iya sanyaya akwati ƙasa da iskar da take jawowa. Da rana shagon kan kai 37, fitila kuma na ci, sai akwatin ya tsaya a 39.5 duk da fanka na kan iyakarta. Shi kuwa ɓangaren I na PID mai kanti ne da littafin bashi: kowace daƙiƙa yana rubuta ratar da ke tsakanin zafin da ake so da wanda ake da shi. Rata digiri 2, sau 0.2, sau daƙiƙa 14,400 na awa huɗu, ya ba da 5,760. Bai san fanka ta ƙure ba, rubutu kawai yake. Da yamma ta yi iska ta huce, akwati ya sauko 37.5, amma bashin na nan. Ba abin da ke rage shi sai akwatin ya yi sanyi fiye da kima, kuma ko da ratar ta kai digiri 3 ƙasa, 0.6 kawai ake biya a daƙiƙa. Sama da awa biyu ke nan fanka na kaɗa ƙwai da iskar dare. Kullum zafi da rana, sanyi da dare, ga busasshiyar iska na tsotse ruwan ƙwan. Da na fasa waɗanda ba su fito ba, da yawa ƴan tsakin sun cika, sun mutu ne a cikin ɓawo.

Inna ta leƙo ta ga ina jera su a tire. Ta ce, "Kai da ka ce injin naka ya fi kaza hankali?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ni na yi kuskure." Ta ce, "Kaza dai ba ta taɓa ba ni haƙuri ba." Ta kwashe bakwai ɗinta ta tafi.

Gyaran ga shi, kuma ƙanƙantarsa ce ke ƙara ba ni haushi:

```
float e = zafi - 37.5;
float u = Kp * e + tara;
if (!(u >= 255 && e > 0) && !(u <= 0 && e < 0))
  tara += Ki * e * dt;
tara = constrain(tara, 0, 255);
```

Wato in fanka ta ƙure, a rufe littafin. Na san da wannan tun farko, na gan shi a karatu, na ce akwati ɗan ƙarami ina zai kai ga haka. Cikin Janairu fankar ba ta taɓa wuce rabin ƙarfinta ba, don haka matsalar ba ta sami ƙofar fitowa ba. Duk wanda zai yi irin wannan aiki, kafin ya sa abu mai rai ciki, ya tura akwatin da gangan har fanka ta ƙure, ya bar ta haka rabin awa, sannan ya saki ya ga minti nawa za ta ɗauka kafin ta sassauta. Ni yanzu toshe ramin iska nake da tsumma don gwajin. In ta wuce ƴan mintoci tana gudu bayan zafi ya sauko ƙasa da inda ake so, akwai bashi.

Amma hana tara bashi bai hana akwatin kaiwa 39.5 da rana ba, wannan ba aikin lissafi ba ne. Na sa rile a kan fitilar, in fanka ta yi minti biyu a ƙure sai fitilar ta mutu, ba ta dawowa sai zafi ya sauko 37. Na kuma gane cewa Kp ɗin da na samu na daren Janairu ne. Lokacin iskar waje ta fi ta ciki sanyi da kusan digiri 20, ɗan juyi kaɗan ya isa. In bambancin ya koma digiri 3, fankar nan ɗaya ƙarfin sanyayawarta ya ragu kusan sau bakwai, sai saitin ya zama malalaci. Na ƙara ma'auni na biyu a waje, in bambancin ya yi ƙasa da digiri 8 sai firogiram ya ninka Kp da Ki.

Daga ƙarshe na fitar da akwatin daga ƙarƙashin kwano na kai shi ɗakin ƙasa na bayan gida, na rataya jiƙaƙƙen buhu a bakin ramin iska. Da bushewar iskarmu, buhun kaɗai yana sauke zafin iskar da ke shiga sosai, ga laima da yake ƙarawa. Sai dai a jiƙa shi sau uku a yini.

Yau kwana goma sha biyu akwatin na aiki ba ƙwai, kwalaben ruwa ne ciki a madadinsu. Mafi zafin da na gani 38.1. Na roƙi Inna ƙwan zabi in damina ta faɗi, ta ce goma za ta ba ni, sauran ƙarƙashin kaza za su.